Yadda ake gina bishiyar yanke shawara, da yadda za ka gane aikin da ta dace da shi

Duk wanda ya taɓa ba da bashi a shago ko a ƙungiya ya san jerin tambayoyin da ke bi ta zuciyarsa kafin ya ce to. Wannan mutumin ya biya na bara kuwa? Idan ya biya, nawa yake nema bana? Idan bai biya ba, yana da wata hanyar samu bayan kaka? Amsar tambayar farko ce ke nuna wace tambaya za a yi a gaba, a haka har a kai ga hukunci. Bishiyar yanke shawara wannan jerin tambayoyin ce, sai dai kwamfuta ce ke zaƙulo su daga bayanan abin da ya riga ya faru, kuma da lissafi take zaɓar wadda za ta fara yi.

Ana zana ta kife, saiwa a sama, ganye a ƙasa. Tambayar farko ita ce saiwa. Kowace tambaya tana raba mutane gida biyu, i ko a'a, waɗannan su ne rassa. Inda tambaya ta ƙare aka faɗi amsa, nan ne ganye. Salon da aka fi amfani da shi a yau sunansa CART, wanda Leo Breiman da Jerome Friedman da Richard Olshen da Charles Stone suka fitar a 1984. Ross Quinlan kuma ya bayyana nasa salon mai suna ID3 a 1986, daga baya ya gyara shi ya zama C4.5. CART za mu bi a nan, domin a kansa aka gina bishiyar da ke cikin scikit-learn, manhajar koyar da kwamfuta daga bayanai, wadda yawancin masu koyo ke fara aiki da ita a yaren kwamfuta Python.

Zan ɗauki misali guda mu bi shi tun daga rijista har zuwa gwaji. Alƙaluman cikinsa ni na tsara su domin lissafin ya fito fili, ba na wata ƙungiya ba ne.

Mataki na farko: tsayar da abin da kake son hasashe

A ce ƙungiyar manoma ce ke ba mambobinta takin zamani bashi a farkon damina, a biya bayan girbi. Ma'aji yana da rijistar bara mai mutum 40. Daga ciki 24 sun biya a kan lokaci, 16 ba su biya ba. Abin da yake so shi ne, idan mutum ya zo neman taki bana, ya san ko mai yiwuwa ne ya biya.

Ka zuba rijistar a jadawali. Kowane layi manomi ɗaya ne. Kowane ginshiƙi kuma bayani ɗaya ne a kansa: ya taɓa makara a biyan bashin baya ko bai taɓa ba, yana noman rani ko ba ya yi, buhu nawa ya karɓa, hekta nawa ce gonarsa. Ginshiƙi na ƙarshe shi ne amsar da ake son koya, wato ya biya ko bai biya ba.

A nan akwai ramin da ke cin mutane da yawa. Kada ka sa wani bayani da ba a saninsa sai bayan an ba da bashin. Misali, rijista tana iya ɗauke da yawan zuwan da aka yi gidan mutum neman kuɗi. Idan ka bar wannan ginshiƙin, bishiyar za ta ɗauke shi nan take ta ce duk wanda aka je gidansa sau uku bai biya ba, maki kuma ya fito kamar an yi abin kirki. Amma ranar da sabon mutum ya tsaya gabanka da roƙonsa, ba a je gidansa ko sau ɗaya ba. Tambayar da za ka yi wa kowane ginshiƙi ita ce: a ranar yanke shawara, wannan bayanin yana hannuna? Idan babu, cire shi. Ka kuma cire lambar rijista da suna, don su ba su da abin da za su koya wa bishiyar a kan wani mutum dabam.

Mataki na biyu: auna gauraya

Burin kowace tambaya shi ne ta raba mutane zuwa gida biyu da kowanne ya fi na farko zama iri ɗaya. Kamar tsintar wake ne, kana so tire ɗaya ya zama wake zalla, ɗayan tsakuwa zalla. Don haka ana buƙatar ma'aunin da zai faɗi yawan gaurayar da ke cikin tire. Wanda CART ke amfani da shi ana kiransa Gini, daga sunan Corrado Gini, masanin ƙididdiga ɗan Italiya. Idan amsoshi biyu ne kawai, ga lissafinsa:

```
G = 1 - p^2 - q^2
```

A nan p kason waɗanda suka biya ne, q kuma kason waɗanda ba su biya ba. Ma'anarsa mai sauƙi ce. Ka rufe ido ka zaro suna ɗaya daga ƙwarya, ka mayar, ka sake zaro wani. Yiwuwar a ce biyun sun sha bamban, ɗaya ya biya ɗaya bai biya ba, ita ce G. Idan duk 'yan ƙwaryar iri ɗaya ne, G sifili ne. Idan rabi da rabi ne, G ya kai ƙololuwarsa, 0.5.

A rijistarmu p shi ne 24 cikin 40, wato 0.6, q kuma 0.4. Lissafin ya zama 1 - 0.36 - 0.16, ya ba da 0.48. Ka ga kusan a cakuɗe suke gaba ɗaya.

Mataki na uku: gwada kowace tambaya, ka zaɓi saiwa

Wannan matakin shi ne zuciyar aikin, kuma ina ba da shawarar ka yi shi da biro ko sau ɗaya ne kafin ka bar wa kwamfuta.

Mu fara da girman gona, tunda mutane da yawa za su ce mai babbar gona shi ne zai biya. Tambayar ita ce ko gonar ta wuce hekta 2. Mutum 20 ta wuce, cikinsu 13 sun biya, 7 ba su biya ba, G ɗinsu 0.455. Mutum 20 ba ta wuce ba, 11 sun biya, 9 ba su biya ba, G ɗinsu 0.495. Tunda gidajen biyu yawansu ɗaya, matsakaicinsu 0.475. Daga 0.48 zuwa 0.475, abin da aka rage 0.005 ne kacal. An yi tambaya amma kusan ba a ƙaru da komai ba.

Sai noman rani. Masu yi su 16 ne, 14 sun biya, 2 ba su biya ba, G kusan 0.219. Marasa yi su 24, 10 sun biya, 14 ba su biya ba, G kusan 0.486. Yanzu gidajen ba su kai juna yawa ba, don haka kowanne za a ba shi nauyi daidai yawan mutanensa: 16 cikin 40 sau 0.219, a haɗa da 24 cikin 40 sau 0.486. Jimla kusan 0.379. An rage 0.101. Wannan tambayar ta yi aiki, amma a gefe ɗaya kawai. Ta ware masu noman rani tsaf, ta bar sauran a cakuɗe.

Sai tarihin biya. Waɗanda suka taɓa makara su 15 ne, 3 sun biya, 12 ba su biya ba, G ya zama 0.32. Waɗanda ba su taɓa ba su 25, 21 sun biya, 4 ba su biya ba, G kusan 0.269. Idan aka auna da nauyi, 0.12 da 0.168, jimla 0.288. An rage 0.192.

Saura yawan buhu. Shi lamba ne, ba i ko a'a ba, don haka kwamfuta tana jera lambobin daga ƙarami zuwa babba, ta gwada yanka a tsakanin kowane biyu da ke maƙwabtaka: 2.5, 3.5, 4.5, har ƙarshe. Shi ya sa za ka ga bishiya na tambayar ko buhu ya wuce 6.5 alhali ba wanda ya karɓi rabin buhu. Tsakiyar 6 da 7 ce kawai. A ce a rijistarmu duk yankan da aka gwada ba wanda ya rage gauraya kamar tarihin biya. Ke nan tarihin biya ya zama saiwa.

Mataki na huɗu: maimaita a kowane reshe, kowanne da kansa

Yanzu muna da gida biyu, kuma kowanne za a ɗauke shi kamar sabuwar rijista, a sake gwada duk tambayoyin a kansa shi kaɗai.

A gidan waɗanda suka taɓa makara, mutum 15, noman rani ne ya yi nasara. Goma ba sa noman rani, kuma ba ko ɗaya cikinsu da ya biya. Biyar suna yi, 3 sun biya, 2 ba su biya ba. Gauraya ta sauko daga 0.32 zuwa 0.16.

A gidan waɗanda ba su taɓa makara ba, mutum 25, noman rani ya sauko da ita daga 0.269 zuwa kusan 0.229 kawai. Yawan buhu ya fi shi. Masu buhu 6 ko ƙasa su 20 ne, 19 sun biya, ɗaya bai biya ba. Masu buhu 7 zuwa sama su 5 ne, 2 sun biya, 3 ba su biya ba. Gaurayar ta koma 0.172. Don haka a wannan reshen tambayar buhu ake yi.

Ka lura da abin da ya faru, domin shi ne babban ƙarfin bishiya. Reshen hagu yana tambayar noman rani, na dama yana tambayar buhu. Bishiyar ta gano da kanta cewa abin da ya kamata a duba ga mai mummunan tarihi dabam yake da na mai kyakkyawan tarihi. Ga na farko, yana da wata kafar samu? Ga na biyu, ya ɗebo fiye da ƙarfinsa? Ba wanda ya faɗa mata haka.

Idan muka tsaya a nan, ganye huɗu muke da shi, kowanne yana faɗar abin da mafi yawan mutanensa suka yi. Wanda ya taɓa makara kuma ba ya noman rani, ba zai biya ba. Wanda ya taɓa makara amma yana noman rani, zai biya. Wanda bai taɓa makara ba kuma buhunsa bai wuce 6 ba, zai biya. Wanda bai taɓa makara ba amma ya nemi 7 zuwa sama, ba zai biya ba. A kan mutum 40 ɗin nan, bishiyar ta dace a 10 da 3 da 19 da 3, wato 35, kashi 87.5 cikin ɗari. Da ma'aji ya ce kawai kowa zai biya, da ya dace a 24, kashi 60. Wannan kashi 60 ɗin ka riƙe shi, da shi za ka riƙa auna ko bishiyar ta ƙara maka wani abu.

Amma ganyen huɗu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ganyen da ke da 19 cikin 20 magana ce mai nauyi. Wanda ke da 3 cikin 5 kuwa, da mutum ɗaya ya sauya gefe da hukuncinsa ya juye. Ni ba zan hana mutum taki saboda abin da mutum biyar suka yi ba. Duk lokacin da kake karanta bishiya, ka duba yawan mutanen da ke kowane ganye kafin ka duba abin da ganyen ya ce.

Mataki na biyar: tsayar da ita kafin ta koma hadda

Idan ba ka taka mata burki ba, bishiya za ta ci gaba da rabawa har kowane ganye ya zama iri ɗaya zalla, ko da mutum ɗaya ne a ciki. Ɗauki mutumin nan guda da bai biya ba cikin ashirin. Wataƙila rashin lafiya ce ta same shi, abin da ba ya cikin rijista. Bishiyar ba ta san haka ba, sai ta nemi duk abin da zai ware shi, ta ce mai gonar da ke tsakanin hekta 1.4 da 1.6 wanda ya karɓi buhu 4 ba ya biya. A kan rijistar bara za ta ci ɗari bisa ɗari. A kan mutanen bana kuwa, za ta kori wani bawan Allah don kawai girman gonarsa ya zo ɗaya da na wanda ya yi jinya. Wannan hadda ce babu fahimta, kamar ɗalibin da ya haddace amsoshin jarrabawar bara, aka sauya tambaya ya tsaya cik.

Abin yana faruwa da sauri fiye da yadda ake zato, domin kowane hawa yana iya ninka yawan ganye. Hawa 3 bai wuce ganye 8 ba, amma hawa 10 yana iya kaiwa 1,024. Idan layukanka 600 ne, ka ga gurbin ganye ya fi mutane yawa.

Hanyar gane hadda ɗaya ce: ka ɓoye wani kaso na bayanan, kada bishiyar ta gan su lokacin koyo, sannan ka jarraba ta da su. Mutum 40 sun yi kaɗan ga wannan, don haka a ce ƙungiyar ta tattaro rijistar shekaru da dama, layuka ɗaruruwa, an ajiye su a bashi.csv, an rubuta i a matsayin 1, a'a a matsayin 0.

```python
import pandas as pd
from sklearn.model_selection import train_test_split
from sklearn.tree import DecisionTreeClassifier, export_text

d = pd.read_csv("bashi.csv")
X = d[["makara", "rani", "buhu", "hekta"]]
y = d["ya_biya"]
Xk, Xj, yk, yj = train_test_split(
    X, y, test_size=0.25, stratify=y, random_state=1)
b = DecisionTreeClassifier(max_depth=3, min_samples_leaf=10, random_state=1)
b.fit(Xk, yk)
print(b.score(Xk, yk), b.score(Xj, yj))
print(export_text(b, feature_names=list(X.columns)))
```

An ɓoye kashi ɗaya cikin huɗu don jarrabawa. `max_depth=3` ya hana bishiyar wuce hawa uku, `min_samples_leaf=10` kuma ya hana ta yin ganyen da bai kai mutum goma ba. Idan ba ka sa waɗannan biyun ba, scikit-learn yana barinta ta girma iyakar iyawarta. Layin `print` na farko zai ba ka lambobi biyu, makin koyo da makin jarrabawa. Idan na koyo ya kusa 1, wato ɗari bisa ɗari, amma na jarrabawa yana ƙasa can, hadda ce, rage zurfi ko ka ƙara yawan mutanen ganye. Idan dukansu biyu suna kusa da abin da za ka samu ta hanyar cewa kowa zai biya, to ko dai bishiyar ta yi gajarta, ko ginshiƙanka ba su ɗauke da amsar. Na biyun ya fi yawan faruwa, kuma ƙara zurfi ba ya maganinsa.

Don zaɓar zurfin da ya dace, kada ka yi ta gwaji a kan kason jarrabawa, domin idan ka leƙa shi sau goma ya daina zama ɓoyayye. Yi gwajin a cikin bayanan koyo:

```python
from sklearn.model_selection import cross_val_score
for z in range(1, 9):
    b = DecisionTreeClassifier(max_depth=z, min_samples_leaf=10, random_state=1)
    print(z, cross_val_score(b, Xk, yk, cv=5).mean())
```

Wannan yana kasa bayanan koyo kashi biyar, a koya da huɗu a gwada da ɗaya, a zagaya sau biyar. Yawanci za ka ga maki yana hawa, ya tsaya, sannan ya fara sauka. Idan zurfi biyu sun zo kusa da juna, ɗauki gajeren. Akwai kuma wata hanyar, a bar bishiyar ta girma sannan a sassabe rassan da amfaninsu bai kai yawan ganyensu ba. A scikit-learn `ccp_alpha` ke yin wannan, duk lokacin da ka ɗaga shi sai a ƙara sare rassa.

Mataki na shida: karanta ta gaban wanda ya san aikin

`export_text` zai fitar maka da bishiyar a rubuce. Ka kai wa ma'aji ko wani tsohon manomi, ka karanta masa reshe-reshe. Idan ya ce wannan haka yake, madalla. Idan wani reshe ya ba shi mamaki, bincika, sau da yawa a nan ake gano kuskuren shigar da bayani ko ginshiƙin da ya saci amsa.

Ka duba kuma irin kuskuren da take yi, domin kuskure biyun ba tsadarsu ɗaya ba. Ba wa wanda ba zai biya ba taki asarar kuɗin ƙungiya ce. Hana wanda zai biya kuwa asarar daminar mutum ce guda. Idan marasa biya 'yan kaɗan ne, a ce 5 cikin 100, bishiyar da ke cewa kowa zai biya za ta ci kashi 95 alhali ba ta kama ko ɗaya ba. A irin wannan hali sai ka ƙirga nawa ta kama cikin marasa biyan, ka kuma gwada `class_weight="balanced"` don a ƙara wa ƙaramin ɓangaren nauyi.

Aikin da ta dace da shi

Gidan bishiya shi ne bayanan jadawali, inda kowane ginshiƙi ke da ma'anar da mutum zai iya faɗa da baki: shekaru, nauyi, yawan buhu, nisan kasuwa, sakamakon gwajin jini. Ba ta damu da bambancin awo ba. Ginshiƙi ɗaya yana iya zama naira dubu ɗari biyar, wani hekta 1.5, ba sai ka daidaita su ba, tunda jerin lambobi kawai take dubawa ta nemi wurin yanka. Wannan dalilin ne ma ya sa lamba ɗaya da ta yi fice a ginshiƙan tambaya ba ta cika rikita ta ba. Tana kuma jin daɗin lamarin da ke da iyaka a cikinsa, inda abu yake lafiya har wani mataki, daga nan ya sauya, kamar buhu 6 da 7 ɗin nan. Sai kuma lamarin da tasirin wani abu ya dogara da wani, kamar yadda muka gani a rassan biyu.

Babban dalilin da zai sa ka zaɓe ta a kan wasu hanyoyin shi ne idan dole ne a yi wa mutum bayanin hukunci. Bishiya mai hawa uku tana shiga takarda guda, a manna a bangon ofis, ma'aji ya bi ta da yatsa ba tare da kwamfuta ba. Wanda aka hana yana iya jin dalili, ya kuma san abin da zai gyara. Saboda wannan ne ma ya kamata ka kula da abin da ka zuba mata. Ƙabila ko addini ba su da gurbi a jadawalin bashi, kuma sunan unguwa yana iya shigo da su ta bayan gida.

Tana iya hasashen lamba ma, ba rukuni kawai ba. Idan abin da kake so shi ne buhu nawa gona za ta bayar, sai ka ɗauki `DecisionTreeRegressor`. Tsarin ɗaya ne, sai dai maimakon Gini ana neman rabon da zai sa lambobin kowane gida su matso kusa da matsakaicinsu, ganye kuma yana faɗar wannan matsakaicin. Idan gonaki biyar na wani ganye sun ba da buhu 18, 20, 21, 22 da 24, duk gonar da ta faɗo ganyen za a ce mata 21.

Inda za ta ba ka kunya

Daga wannan misalin na ƙarshe za ka hango matsalar. Tunda matsakaicin abin da ta gani take faɗa, ba za ta taɓa faɗar lambar da ta wuce mafi girman abin da ke cikin bayanan koyo ba. Shi ya sa ba ta dace da hasashen farashin da ke hawa shekara bayan shekara ba. Ka koya mata farashin masara na shekarun baya, ka tambaye ta na baɗi, za ta tsaya a ganyenta na ƙarshe kamar kasuwa ta daina motsi. Ko a cikin abin da ta gani, amsarta hawa-hawa ce kamar matattakala. Idan alaƙar miƙaƙƙiya ce, kamar kuɗin mota da nisan tafiya, lissafin miƙaƙƙen layi ya fi ta, kuma lambobi biyu kacal yake buƙata.

Tana kuma duba ginshiƙi ɗaya ne a kowace tambaya. Idan ainihin abin da ke hana biya shi ne yawan buhu idan aka kwatanta da girman gona, za ta yi ta yanka buhu, ta yanka hekta, ta sake yanka buhu, tana ƙoƙarin zana karkataccen layi da ƙananan matakai. Maganin yana hannunka: ka ƙirƙiri sabon ginshiƙi, buhu a raba da hekta, sai ta gama da tambaya ɗaya. Hotuna da sauti da dogon rubutu kuwa ba nata ba ne, domin ɗigo ɗaya na hoto ba shi da ma'anar da za a yi tambaya a kansa.

Akwai wata iyakar da ba daga lissafi take ba, daga rijistar take. Waɗanda aka ba bashi ne kawai ke da layi a ciki. Idan shekara da shekaru ƙungiyar ba ta ba matasa ko sababbin mambobi, bishiyar ba ta da abin cewa a kansu, amma duk da haka za ta jefa su wani ganye ta faɗi hukunci kamar ta sani. Sabon mamba ba shi da tarihin biya, kuma idan ka rubuta masa 0 ka mayar da shi kamar wanda aka jarraba aka same shi da amana. Gara ka buɗe ginshiƙi dabam da ke nuna sabo ne, ko ka bar shawararsa ga kwamiti.

Na ƙarshe shi ne rashin tsayuwa. A rijistarmu tarihin biya ya doke noman rani da tazara mai kyau, amma da sun zo kusa, sauya mutum biyu ko uku ya isa ya sauya saiwa, kuma idan saiwa ta sauya duk abin da ke ƙarƙashinta ya sauya. Gwada da kanka: canza `random_state` na `train_test_split` sau biyar, ka duba ko tambayar farko tana nan. Idan tana nan, ka samu abin dogaro. Idan tana yawo, kada ka manna takardar a bango tukuna. Wannan raunin ne Breiman ya magance da dabarar daji a 2001: a gina bishiyoyi ɗaruruwa, kowacce a kan samfurin layukan da aka zaro da ka, kowace tambaya kuma daga wasu ginshiƙan da aka zaro da ka, sannan a haɗa amsoshinsu. A scikit-learn sunanta `RandomForestClassifier`, kuma shigo da ita daga `sklearn.ensemble` da sauya layin `b` a gwajin zaɓar zurfi ya isa ka gwada ta a kan bashi.csv. Ka kwatanta makinta da na bishiyarka guda a gwajin nan mai kashi biyar. Idan tazarar maki ɗaya ko biyu ce cikin ɗari, ni zan riƙe bishiya guda, tunda ita ake iya karanta wa manomi. Idan tazarar babba ce, akwai abin da ke cikin bayanan da hawa uku bai isa ya kama ba, sai ka yi wa dajin `fit`, ka buɗe `feature_importances_` nasa, ka ga ginshiƙan da ya fi jingina da su, ka duba ko haɗa biyu daga cikinsu zuwa ginshiƙi ɗaya zai rage tazarar.